Idan Lambobi Biyu Suka Faɗa Gurbi Ɗaya

Makaranta mai ɗalibai dubu ashirin, kowa da lambarsa, an kuma zuba bayanansu duka a kwamfuta. Ma'aikaci ya buga lamba ɗaya, kafin ya ɗage yatsarsa sunan ɗalibin ya fito. Mai kallo zai ɗauka kwamfutar ta bi jerin ne daga sama har ƙasa, saurinta ne ya hana a gani. A ƙaramin jeri hakan kan yiwu. Amma idan bayanan sun kai miliyoyi, kuma ana tambaya sau dubbai a kowace daƙiƙa, bin jeri ɗaya bayan ɗaya ba zai kai ko'ina ba. Akwai dabarar da ke sa kwamfuta ta nufi inda abu yake kai tsaye, da lissafi kawai, ba da lalube ba. Sunanta teburin hash, kuma kusan babu wata manhaja a wayarka da ba ta jingina da ita.

Ma'adanar kwamfuta jerin gurabe ce masu lamba, daga sifili zuwa sama. Idan ka san lambar gurbi, zuwa gurbi na miliyan bai fi zuwa gurbi na biyu wahala ba. To me zai hana a ajiye kowa a gurbin da ya yi daidai da lambarsa? Girman lambobin ne. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce. Lambobi masu wannan tsawo sun kai biliyan 100, alhali mai shagon da ke son adana lambobin abokan cinikinsa mutum ɗari biyar kawai yake da su. Ba wanda zai tanadi gurabe biliyan 100 saboda mutum ɗari biyar. Sai a tanadi kaɗan, a nemo lissafin da zai matse kowace babbar lamba ta koma ƙarama wadda ba ta wuce yawan guraben ba. Wannan lissafin shi ne hash, abin da ake nema da shi kuma, lambar ɗalibi ce ko suna, ana ce masa mabuɗi.

Mafi sauƙin irin wannan lissafi shi ne rabawa a ɗauki saura. A ce teburinmu gurabe 11 ne, daga 0 zuwa 10. Ɗalibi mai lamba 3152 ya zo. A raba 3152 da 11, za a sami 286, saura 6. Gurbinsa 6 ke nan. Ranar da aka zo nemansa, sai a maimaita lissafin, amsar kuma ba ta canzawa, a tafi gurbi na 6 a ɗauko. A yawancin harsunan rubuta manhaja layi ɗaya ne:

```
gurbi = lamba % 11
```

Ba banza aka zaɓi 11 ba. Da 10 aka ɗauka, saurar rabawa kullum ita ce alƙalamin ƙarshe, sauran alƙaluman ba su da ta cewa. Idan lambobin duk da sifili suke ƙarewa, kamar yadda farashin kaya yake, kowa zai faɗa gurbi na 0. Haka ma wanda ya ce zai yi amfani da farkon lambar waya: 080 da 070 da 090 da 'yan uwansu ƙalilan su ne za su kwashe kowa. Lissafi mai kyau shi ne wanda kowane ɓangaren mabuɗi yake da hannu a sakamakonsa, ya warwatsa mutane ko'ina a teburin. Lambar da ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya, irin 11 ko 23, tana taimakawa wajen haka.

Karo ba makawa

Ga ɗalibanmu shida, bisa tsarin zuwansu, da gurbin da lissafi ya ba kowa:

```
3152 % 11 = 6
1025 % 11 = 2
2085 % 11 = 6
2031 % 11 = 7
4010 % 11 = 6
1427 % 11 = 8
```

Tun a mutum na uku an sami matsala. 2085 yana son gurbi na 6, 3152 kuma ya riga shi. Wannan shi ne karo. Mutane da yawa kan zaci alama ce ta lissafi mara kyau, ko ta ƙarancin gurabe, a ƙara fili a huta. Ba haka ba ne. Ko da lissafin ya kai matuƙa wajen warwatsawa, karo yana zuwa da wuri fiye da yadda hankali yake tsammani. Masana lissafi sun daɗe da sanin cewa idan mutum 23 suka taru, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗara rabi, duk da cewa ranakun shekara 365 ne. Dalili shi ne ba mutum ɗaya ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, mutum 23 kuwa suna ba da haɗin bibbiyu har 253. A tebur mai gurabe miliyan ɗaya, da an zuba mabuɗai kusan 1,200, yiwuwar karo ta kai rabi. Teburin bai cika ko kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Saboda haka duk wanda zai gina teburin hash ba tambayar yadda za a hana karo yake yi ba. Tambayarsa ita ce me za a yi da na biyun idan ya iso. Amsoshi biyu ne manya, kuma dukansu daga kamfanin IBM suka fito a farkon shekarun 1950. Idan baƙo ya zo ya tarar da ɗakin da aka ware masa da mutum, ko dai a shimfiɗa masa tabarma a nan cikin ɗakin, ko a tura shi ɗakin da ke kusa wanda babu kowa. Ta farko ita ce hanyar sarƙa. Ta biyu ita ce ta buɗaɗɗen adireshi, wadda a nan zan riƙa kira neman gurbi.

Hanyar sarƙa ita ce Hans Peter Luhn ya bayyana a wata takardar cikin gida ta IBM a watan Janairun 1953. A wannan tsari gurbi ba mutum ɗaya yake riƙewa ba, bakin wani ɗan jeri yake riƙewa. Kowane bayani yana ɗauke da adireshin wanda ke biye da shi, shi ya sa aka kwatanta shi da sarƙa. A misalinmu gurbi na 6 zai riƙe 3152, shi kuma ya nuna 2085, wannan ya nuna 4010. Sauran ukun kowa yana gurbinsa shi kaɗai. In ana neman 4010, a je gurbi na 6, a duba na farko ba shi ba ne, na biyu ba shi ba ne, na uku shi ne. Dubawa uku. In ana neman 2031, dubawa ɗaya ce, domin cunkoson gurbi na 6 bai shafi gurbi na 7 ba. Wannan shi ne babban kyawun sarƙa: matsalar kowane gurbi a cikinsa take tsayawa. Cire mutum ma ba wuya, a zare shi a haɗa na gabansa da na bayansa. Teburin kuma ba ya taɓa cika har ya ƙi karɓa, sai dai sarƙoƙin su yi ta tsawo.

Neman gurbi da tarin da yake haifarwa

Hanya ta biyu ana danganta ta ga Gene Amdahl da abokan aikinsa, lokacin da suke aiki a kan na'urar IBM 701. A nan babu wani jeri a gefe. Kowa cikin teburin yake zama, mutum ɗaya gurbi ɗaya. In ka tarar da gurbinka a cike, ka matsa na gaba, in shi ma a cike yake ka ƙara matsawa, in ka kai ƙarshen teburin ka zagayo farko.

Mu bi ɗalibanmu. 3152 ya zauna a 6, 1025 ya zauna a 2. 2085 ya tarar da 6 a cike, ya zauna a 7. Yanzu 2031 ya iso, gurbinsa na asali 7 ne, kuma babu wani da lissafi ya ba 7 kafin shi, amma ya tarar da wanda aka turo daga 6 ya zaune masa. Dole ya matsa 8. 4010 ya fara daga 6, ya wuce 7, ya wuce 8, ya sami wuri a 9. 1427 mai gurbi na 8 ya tarar da 2031 a ciki, 9 ma a cike, sai 10.

```
0:        1:        2: 1025   3:
4:        5:        6: 3152   7: 2085
8: 2031   9: 4010   10: 1427
```

A duba abin da ya faru. Mutum uku ne kawai suka yi karo na gaskiya, amma mutum huɗu ne ba sa gurbinsu. In aka nemi dukan shidan sau ɗai-ɗai, dubawa 13 za a yi, alhali a sarƙa 9 ce. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da zai sami na bakwai. Gurabe biyar ne suka rage, amma damarsu ba ɗaya ba ce. Duk wanda lissafi ya ba 6, 7, 8, 9, 10 ko 0, a gurbi na 0 zai ƙare. Wato gurbi na 0, wanda ke bakin tarin, yana da dama shida cikin goma sha ɗaya, gurbi na 4 kuma ɗaya tak. Tari yana jawo wa kansa ƙari, gwargwadon tsawonsa gwargwadon saurin girmansa, kuma tari biyu da ke kusa kan haɗe su zama ɗaya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne neman wanda ba ya nan. A ce an buga 5000, wadda ita ma saurarta 6 ce. Kwamfuta ba za ta iya cewa babu ba sai ta ci karo da gurbin da babu kowa, domin mai yiwuwa an tura shi gaba. Sai ta duba 6, 7, 8, 9, 10, ta zagayo 0, a nan ta tarar da fili. Dubawa shida kafin a ce babu. Kuma kowane sabon shigarwa da irin wannan neman yake farawa.

Donald Knuth ya yi lissafin wannan a farkon shekarun 1960, kuma sakamakonsa ya cancanci a tsaya a kai. Komai ya rataya ne a kan yadda teburin ya cika. Idan rabinsa ne a cike, neman wanda yake ciki dubawa ɗaya da rabi ce a matsakaici, neman wanda ba ya ciki kuma biyu da rabi. Idan ya kai kashi 75 cikin ɗari, su koma biyu da rabi da kuma takwas da rabi. A kashi 90, neman wanda yake ciki biyar da rabi, amma neman wanda ba ya ciki ya haura hamsin. Daga 75 zuwa 90 ƙarin kashi 15 ne kawai, aikin kuwa ya ninka kusan sau shida. Sarƙa ba ta yin haka. Ko da yawan mutane ya kai yawan gurabe cif, neman wanda yake ciki kusan dubawa ɗaya da rabi ne, kuma a hankali yake hawa.

Abin lura a waɗannan alƙaluma shi ne babu yawan ɗalibai a cikinsu. Tebur mai mutum dubu da mai mutum miliyan ɗari, in dukansu rabi suka cika, dubawa ɗaya da rabi ce. Daga nan saurin teburin hash yake fitowa, kuma farashinsa shi ne guraben da aka bari fayau da gangan. Wanda ya ga fili ya ce asara ce ya cusa ƙari, saurin ne yake sayarwa.

Shi ya sa teburin ke faɗaɗa kansa kafin ya cika. Idan ya kai iyakar da aka sa masa, sai a tanadi sabo mai kusan ninki biyu, a sake yi wa kowa lissafi, domin gurbin da ya dace a tebur mai 11 ba shi ne a mai 23 ba. A sabon teburin ukun nan da suka cunkushe sun rabu: 3152 ya koma 1, 2085 ya koma 15, 4010 ya koma 8. Sai dai 1427 ma 1 ya samu, sabon karo ke nan. Kwashe kowa aiki ne mai nauyi, kuma shi ne ke sa wata manhajar ta ɗan tsaya cak lokaci-lokaci tana tsakiyar karɓar bayanai, amma da yake ninkawa ake yi, ba ya yawan faruwa.

Akwai wani tarko a neman gurbi wanda masu koyo da yawa ke faɗawa, wato sharewa. A ce 2085 ya bar makaranta, aka goge gurbi na 7 aka bar shi fili. Sai aka zo neman 4010. A duba 6, ba shi ba ne. A duba 7, babu kowa. Kwamfuta ta ce babu irin wannan ɗalibi, alhali yana nan zaune a 9. 2031 ma ya ɓace ta wannan hanya. Ba wani saƙon kuskure da zai fito. Alamar kawai ita ce bayanai suna ɓacewa bayan an share wani abu da ba ruwansa da su, wani lokaci kuma a sake shigar da mutum ya zama sau biyu. Maganin da aka fi yi shi ne a bar alama a gurbin, mai cewa a da akwai mutum a nan, mai nema ya ci gaba, mai shigarwa kuma yana iya zama. Amma alamomin nan suna taruwa. Tebur da ake yawan shigarwa da sharewa a cikinsa zai iya zama kusan babu kowa, amma nema ya yi ta jan ƙafa, saboda mai nema yana ratsa alamomin kamar mutane ne. Sai an sake gina teburin suke gushewa.

To don me ake amfani da ita?

Bayan duk wannan, mai karatu zai ce ai sarƙa ta yi nasara. A takarda, haka ne. A cikin na'ura labarin daban ne, domin dubawa ba duka farashinsu ɗaya ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fi ma'adanarta sauri nesa ba kusa ba, don haka idan ta aika a ɗauko mata abu, ba shi kaɗai ake kawowa ba, ana haɗowa da maƙwabtansa, yawanci bayit 64 a lokaci guda, a ajiye a wata 'yar ma'adana mai sauri da ke jikinta. A neman gurbi, 6 da 7 da 8 da 9 a jere suke, sau da yawa aike ɗaya ke kawo su duka. A sarƙa kuwa kowane bayani yana iya kasancewa a wani lungu dabam, kowane mataki sabon aike ne da sabon jira. Dubawa huɗu a jere kan fi biyu a warwatse araha. Ga kuma adireshin da kowane bayani ke ɗauke da shi, bayit 8 a na'urorin yau, wanda in bayanan ƙanana ne yana iya kai girman bayanin kansa.

Manyan harsuna biyu sun rabu a kan wannan. `HashMap` na Java sarƙa yake bi. Yana farawa da gurabe 16, yana ninkawa idan yawan mabuɗai ya wuce kashi 75 cikin ɗari na guraben. `dict` na Python neman gurbi yake bi. Yana farawa da gurabe 8, ba ya bari ya wuce kashi biyu bisa uku, kuma ba gurbi na gaba yake matsawa ba, tsalle yake yi bisa wani lissafi da ke amfani da sauran alƙaluman hash ɗin, don kada tari irin na misalinmu ya haɗu. A ganina, idan bayanan ƙanana ne, nema ya fi sharewa yawa, kuma akwai halin barin fili, neman gurbi ya fi. Idan kuwa ba a san yawan abin da zai shigo ba, ko ba a amince da ingancin lissafin ba, sarƙa ta fi haƙuri da kuskure, domin lalacewarta a hankali take zuwa.

Duk alƙaluman da muka kawo sun dogara ne a kan zato ɗaya: cewa mabuɗan za su warwatsu. To idan wani ya zaɓo su da gangan don su yi karo fa? Java tana mayar da rubutu lamba ta hanyar ninka abin da ta tara da 31, ta ƙara lambar harafi na gaba. Lambar `A` 65 ce, ta `a` 97, ta `B` 66. Saboda haka `Aa` ya zama 65 sau 31 a tara da 97, wato 2112. `BB` kuma 66 sau 31 a tara da 66, shi ma 2112. Da an sami waɗannan biyu, sauran sauƙi ne: `AaAa` da `AaBB` da `BBAa` da `BBBB` duk hash ɗinsu ɗaya, kuma kowane ƙarin haruffa biyu yana ninka yawansu. Faɗaɗa tebur ba ya raba su, tunda lambar tasu ce ɗaya tun kafin a raba. Idan aka aika wa shafin intanet irin waɗannan mabuɗai dubu ɗari, duk su faɗa gurbi ɗaya, kowane sabo sai an gwada shi da duk waɗanda suka riga shi. Jimillar gwajin kusan biliyan biyar ce, daga saƙon da bai taka kara ya karya ba.

Scott Crosby da Dan Wallach sun yi gargaɗi a kan wannan tun 2003. A watan Disambar 2011, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Berlin, Alexander Klink da Julian Wälde suka nuna cewa shafukan da aka gina da PHP, Java, Python da wasunsu duk ana iya durƙusar da su ta haka. Yadda ake gane shi a aikace: ƙwaƙwalwar na'urar tana aiki iya ƙarfinta, masu ziyara kuwa ba su ƙaru ba, in an bincika sai a ga lokacin duk yana tafiya wajen gwada mabuɗai a gurbi guda.

Gyaran ya bi hanyoyi biyu. Python ta sa sirri a cikin lissafin: duk lokacin da manhaja ta tashi, ana zaɓar wata lamba ta ɓoye a cakuɗa ta da hash ɗin rubutu, ta yadda na waje ba zai san waɗanne mabuɗai ne za su yi karo ba. Daga fitowa ta 3.4 ta koma amfani da SipHash, lissafin da Jean-Philippe Aumasson da Daniel Bernstein suka fitar a 2012 saboda wannan matsala. Shi ya sa in ka buga `hash("Kano")` a Python, ka rufe ka sake buɗewa, amsar za ta canza. Java kuwa ta bar lissafin 31 yadda yake, ta gyara sarƙar. Tun Java 8 da ta fito a 2014, idan sarƙar gurbi ɗaya ta wuce mabuɗai takwas, teburin kuma ya kai gurabe 64, ana mayar da ita wani tsari mai rassa wanda kowace dubawa ke yar da rabin abin da ya rage. Da wannan, mabuɗai dubu ɗari a gurbi ɗaya ba sa bukatar dubawa dubu ɗari, kusan ashirin sun isa.